Zaɓen Maciji: Yadda Ake Raba 'Yan Ƙwallo Daidai, da Inda Lissafin Yake Gazawa

A filayen ƙwallon Kano, daga Mahaha ta Ƙofar Na'isa zuwa Filin Sukuwa har filayen makarantun cikin unguwa, da wuya ka ga an taru mutum ashirin da biyu cif an yi sha ɗaya sha ɗaya. Abin da aka fi gani shi ne taro. Ana idar da la'asar mutane su fara zuwa, wani da takalmi a leda, wani daga kasuwa, sai a duba a ga an haura ashirin, filin kuma ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da shida shida. Dole a kasa mutane gida uku ko huɗu a riƙa buga set, wanda ya ci ya tsaya, wanda aka ci ya fita. Tsakanin la'asar da magariba lokacin bai taka kara ya karya ba, saboda haka in rabon ya karkace tun farko, ƙungiya ɗaya ce za ta kwana a fili, sauran su ƙare yammacin a bakin layi suna kallo.

Hanyar da kowa ya taso ya tarar ita ce a tsayar da kyaftin-kyaftin, a jefa kwabo ko a yi canki-canka, wanda ya ci ya fara ɗauka, na biyu ya bi, na uku, na huɗu, a sake komawa kan na farko. Ana yi mata kallon adalci domin kowa ya ɗauki mutum ɗaya a kowane zagaye. Amma ba adalci ba ce, kuma lissafin da zai nuna haka bai fi ƙarfin ɗan firamare ba.

Mu ɗauki taron mutum 24: gola huɗu da 'yan wasan ciki ashirin, za a yi ƙungiya huɗu, kowace da mutum biyar da golanta. Mu kira su da launin riga: Ja, Kore, Shuɗi da Fari. A ce an jera 'yan cikin nan ashirin bisa iyawa, na 1 shi ne gwanin filin, na 20 shi ne mafi rauni, kuma kowane kyaftin yana ɗaukar wanda ya fi a cikin waɗanda suka rage. In aka bi tsohuwar hanya, Ja za ta sami na 1, na 5, na 9, na 13 da na 17. Fari, wadda ke ɗauka a ƙarshe, za ta tashi da na 4, na 8, na 12, na 16 da na 20. Haɗa lambobin: Ja 45, Fari 60, kuma a nan ƙaramar jimla ita ce ƙarfi. A kowane zagaye Ja tana gaban Fari da mataki uku, ratar kuma taruwa take yi, ba ta gogewa. Kwabon da aka jefa sau ɗaya ya yi hukunci sau biyar.

Ba wai wannan tsari ba shi da amfani ba ne. Manyan gasannin Amurka irin su NFL, gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, suna amfani da shi da gangan wajen ɗaukar sababbin 'yan wasa: ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe a kowane zagaye, don a ɗago ta. Wato kayan aiki ne na fifita wani. Mu kuma muna amfani da shi a inda muke son kada a fifita kowa.

Zaɓen maciji gyara ɗaya ya yi. In aka kai ƙarshen layi ba a komawa farko, juyowa ake yi daga inda aka tsaya, kamar yadda maciji ke karkata dama ya karkato hagu. Zagaye na farko Ja, Kore, Shuɗi, Fari. Na biyu Fari, Shuɗi, Kore, Ja. Na uku ya sake tashi daga Ja. Wanda ke ƙarshen layi yana ɗaukar mutum biyu a jere, kuma wannan shi ne abin da ke fara tayar da gardama ranar da aka gwada tsarin karon farko, domin mai kallo gani yake Fari ta ci biyu alhali kowa ɗaya yake ci. Ga abin da rabon ya bayar: Ja ta sami na 1, 8, 9, 16, 17. Kore ta sami na 2, 7, 10, 15, 18. Shuɗi na 3, 6, 11, 14, 19. Fari na 4, 5, 12, 13, 20.

Dalilin da ya sa yake aiki yana cikin zagaye biyun farko. Na 1 da na 8 tara ne. Na 2 da na 7 tara. Na 3 da na 6 tara, na 4 da na 5 ma tara. Duk abin da ka ci riba a tafiya sai ka biya shi a dawowa. Zagaye na uku da na huɗu kowa ya tashi da 25, saboda haka bayan zagaye huɗu kowace ƙungiya tana da 34, babu ragi babu ƙari. Mutanen da ba su da alaƙa da ƙwallon unguwa ma sun ga hikimar. Masu tanis sun daɗe suna bin irin wannan jeri a wasan raba gardama: ɗaya ya yi bugun farko sau ɗaya, daga nan a riƙa yin bibbiyu. A 2017 an gwada shi a bugun fenareti, har Arsenal ta doke Chelsea da shi a Community Shield na shekarar a Wembley, kafin hukumar IFAB mai kula da dokokin ƙwallo ta ajiye gwajin a 2018.

Sai dai mu zagayenmu biyar ne, ba huɗu ba. Na biyar tafiya ce da ba ta da dawowa, shi ya sa jimlar ƙarshe ta zama Ja 51, Kore 52, Shuɗi 53, Fari 54. Ratar da ta kai 15 a tsohuwar hanya ta koma 3, amma ba ta mutu ba. Duk lokacin da adadin zagaye ya zama mara, wanda ya fara yana da ɗan rinjaye. A misalinmu maganin yana tsaye a raga: a mai da rabon gololi zagaye na shida, ya taso daga Fari. Ita ce za ta ɗauki golan da ya fi, Ja ta ɗauki na huɗu. In aka jera gololin daga na 1 zuwa na 4 aka ƙara lambobinsu, a takarda kowa ya koma 55.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba a buƙaci dogon sharhi ba. Matsalar ita ce abin da macijin ya daidaita matsayi ne a jeri, ba iyawa ba, kuma waɗannan biyun ba abu ɗaya ba ne. Lissafin tara-tara ɗin nan ya ginu ne a kan zaton cewa tazarar da ke tsakanin na 1 da na 2 daidai take da wadda ke tsakanin na 9 da na 10. Duk wanda ya yi mako guda yana zuwa fili ya san ba haka abin yake ba. Kusan kowane fili yana da mutum ɗaya da ya yi wa kowa fintinkau, wataƙila ya taɓa buga wa wani kulob, ko har yanzu yana zuwa tirenin da safe. A bayansa akwai 'yan tsiraru masu kyau, sannan tarin mutane a tsakiya waɗanda bambancinsu bai wuce wa ya yi barci sosai jiya ba. Can ƙasa kuma akwai wanda ya zo don ya yi gumi kawai, likita ya ce ya rage tumbi.

Mu ba mutanen nan ashirin maki daga 1 zuwa 10 ta yadda zai yi kama da fili na gaske. Na 1 yana da 10, na 2 yana da 8. Mutum uku da ke biye, wato na 3 zuwa na 5, kowa 7. Na 6 zuwa na 9 kowa 6. Na 10 zuwa na 14 kowa 5. Na 15 zuwa na 17 kowa 4. Na 18 da na 19 kowa 3, na 20 kuma maki 1. Yanzu babbar jimla ce ƙarfi. In aka ɗora waɗannan makin a kan rabon macijin da muka yi ɗazu, Ja ta tashi da 30, Kore 26, Shuɗi 26, Fari 25.

Duba abin da ya faru da Ja. Gwanin da ta ɗauka ya fi na Fari na farko da maki uku. A dawowa, inda ake sa ran za ta biya bashin, ta ɗauki mai 6 Fari ta ɗauki mai 7, wato maki ɗaya kacal ta biya, domin a wannan yanki na jerin mutane sun riga sun matso kusa da juna. Sannan macijin ya juyo ya ba ta zaɓin farko a zagaye na uku, ya kuma ba ta a na biyar, inda ta tsallake mai maki 1 ya faɗa hannun Fari. Jeri ya ce 51 da 54, kusan kunnen doki. Maki ya ce 30 da 25, kuma a wasan mutum biyar biyar maki biyar kamar a ba ka ƙarin ɗan wasa guda ne mai matsakaicin ƙarfi. Wannan ita ce gazawar zaɓen maciji da ta fi kowace yawan faruwa, kuma saboda kowa ya ga an bi ƙa'ida, ba wanda yake zargin tsarin. Sai a ce 'yan Fari ne ba su dage ba.

Gyaran farko ba ya buƙatar maki ko biro. Sai a karya macijin a zagaye na uku: maimakon ya taso daga Ja, a sake tayar da shi daga Fari, daga nan ya ci gaba da juyawa kamar yadda ya saba. Wato tafiya, dawowa, dawowa, tafiya, dawowa. Masu wasan haɗa ƙungiya a intanet a Amurka sun daɗe suna yin haka saboda wannan matsala ta gwani ɗaya. A misalinmu Ja za ta koma da na 1, 8, 12, 13, 20, makinta 27. Kore na 2, 7, 11, 14, 19, ita ma 27. Shuɗi na 3, 6, 10, 15, 18, maki 25. Fari na 4, 5, 9, 16, 17, maki 28. Rata ta sauko daga biyar zuwa uku, kuma abin da ya fi muhimmanci, gwanin filin da mafi rauninsa sun haɗu a riga ɗaya. Wanda ya ci nama shi ya ɗauki ƙashi.

Wannan jeri ba ƙirƙirar 'yan wasa ba ne. In ƙungiya biyu ce, A da B, zagaye huɗun farko suna ba da ABBABAAB, kuma wannan shi ne mafarin jerin da masana lissafi ke kira da sunan Axel Thue, ɗan Norway da ya yi rubutu a kansa a 1906, da Marston Morse, Ba'amurken da ya sake gano shi a 1921. Ma'anarsa ga mai rabon 'yan ƙwallo mai sauƙi ce. Macijin talakawa yana goge bambanci in iyawa tana sauka a miƙe, mataki-mataki daidai. Wannan kuwa yana goge shi har in saukar ta lanƙwasa, ta yi tsaye a sama ta kwanta a tsakiya. Idan mutum takwas ne za a raba biyu, A ta ɗauki na 1, 4, 6, 7, B ta ɗauki na 2, 3, 5, 8. Ya cancanci a haddace shi, don ya fi kwabo.

Gyara na biyu shi ne musaya bayan an gama, kuma a ganina duk mai raba mutane ya kamata ya ɗauki abin da maciji ya bayar a matsayin daftari, ba hukunci ba. Fari tana da 28, Shuɗi 25. A nemi mutum biyu masu buga wuri ɗaya da bambancinsu maki ɗaya ne: na 9 na Fari mai 6, da na 10 na Shuɗi mai 5. A musanya su. Yanzu Ja 27, Kore 27, Fari 27, Shuɗi 26. Jimlar makin filin 107 ce, ba ta rabuwa huɗu daidai, don haka ba za a samu abin da ya fi wannan ba. Shuɗi, mai gibin maki ɗaya, ita za a ba golan da ya fi. Musaya ɗaya ko biyu ta isa. In ka ga kana ta huɗu, ba rabon ne ya lalace ba, makin ne, ko kuma son rai ya fara shigowa ta bayan gida.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi lissafin wuya: wa zai jera mutanen, kuma a gaban wa? Maciji ba ya auna kowa, abin da aka ba shi yake rabawa. In jerin ya karkace, zai raba karkatar ne da kyau kamar ya san abin da yake yi. Kuma jeri yana karkacewa ta hanyoyin da aka sani. Ido yana son mai yanka da mai cin ƙwallo, yana manta ɗan bayan da ba ka jin sunansa sai ranar da bai zo ba. Ana auna mutum da abin da ya kasance, ba abin da yake yanzu ba, sai ka ga an sa wani a na 3 saboda wasan da ya yi shekara goma baya, alhali yau minti goma yake yi ya dafa gwiwa. Baƙo kuma ko dai a raina shi don ba a san shi ba, ko a kai shi sama saboda kyawun takalminsa.

Abin da na ga ya fi tsare gaskiya shi ne mutum uku da suka san filin su ba da maki, kowa shi kaɗai, ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba, sannan a ɗauki na tsakiya ga kowane ɗan wasa. In an ba mutum 5, 6 da 9, makinsa 6 ne. Ɗaukar na tsakiya ya fi haɗawa a raba uku, domin wancan 9 ɗin sau da yawa na aboki ne ko ɗan gida ɗaya, kuma ta wannan hanya ba ya jan komai. Tambayar da mai ba da maki zai yi wa kansa ba wa ya fi iya taɓa ƙwallo ba ce. Tambayar ita ce: in yau zan buga a wannan fili, na wannan tsawon lokaci, wa zan so ya kasance tare da ni? Ba kuma sai an ɓata lokaci wajen tantance na 11 da na 12 ba. Mun riga mun ga 'yan tsakiya makinsu ɗaya, duk inda suka faɗa daidai ne. Inda kuskure ke da tsada shi ne mutum huɗu ko biyar na sama da biyu ko ukun ƙasa.

Sai batun fuska, wanda a Kano ba ƙaramin abu ba ne. A fili ɗaya za ka tarar da ɗan sakandare da malaminsa, da yaron shago da maigidansa, da wanda shi ya sayi ƙwallon kuma shi ke biyan kuɗin haya in filin na ciyawar roba ne. Zaɓen fili, inda kyaftin ke nuna mutum da yatsa, yana tilasta ɗayan abu biyu. Ko dai a bi gaskiya a bar babban mutum tsaye shi kaɗai a ƙarshe ana kallonsa, ko kuma kyaftin ya ji nauyi ya ce, "Alhaji, bismilla, taho wajena," tun a zagaye na biyu, ya zubar da zaɓinsa don kara. Na biyun ne ya fi faruwa, kuma yana rusa lissafin gaba ɗaya, tunda duk abin da muka ƙirga a sama ya dogara ne a kan cewa ana ɗaukar wanda ya fi a cikin ragowar. Kyaftin mai kunya shi ne zai sha kashi.

Saboda haka ni na fi son a yi macijin a takarda ko a waya, a gefe, mutum ɗaya ko biyu su yi shi, sannan a karanto sunayen kowace ƙungiya a cakuɗe, ba bisa jerin da aka ɗauke su ba. Ba wanda zai san shi ne na 20, ko da yana zargi. In wani ya matsa ya ce, "Koci, ni na nawa ne?" amsar ita ce, "Kana Kore, yaya, je ka karɓi riga." Abin da ake rasawa a nan shi ne ɗan armashin zaɓen fili da tsokanar da ke tare da shi, da kuma sanin da kyaftin ke da shi na wa ke jituwa da wa. Asara ce ta gaske, amma ba ta kai ta rasa mutumin da ya daina zuwa don an bar shi a ƙarshe sau uku ba.

In kuwa jama'a sun nace sai kyaftin sun zaɓa da bakinsu, to akwai kuskure ɗaya da ya kamata a toshe. Kyaftin ɗin su ma 'yan wasa ne, kuma yawanci su ne gwanayen filin. In mutum huɗun sama ne kyaftin, zagaye na farko ya riga ya wuce tun kafin a buɗe baki. Ba a jefa kwabo. Zaɓe zai fara ne daga zagaye na biyu, kyaftin mafi rauni ya fara, gwanin ya zo a ƙarshe. In aka jefa kwabo gwanin ya ci, ya haɗa na 1 da na 5 ke nan, na huɗu kuma ya tashi da na 4 da na 8, an dawo tsohuwar hanya ta ƙofar baya.

Wuraren wasa ma suna da nasu tarkon. Jimlar maki za ta iya yin daidai amma ƙungiya ɗaya ta tashi da 'yan gaba huɗu, kowa na jiran a ba shi, ba mai komawa baya. Maganin shi ne a kasa jerin gida-gida, 'yan baya, 'yan tsakiya, 'yan gaba, a raba kowane gida da maciji. Amma kada a riƙa tayar da kowane gida daga Ja, in ba haka ba ita za ta kwashe gwanin baya da gwanin tsakiya da gwanin gaba. Wadda ta fara a 'yan gaba ita ce ta ƙarshe a 'yan baya. A ƙaramin fili na biyar biyar ma ba sai an yi gida uku ba, ya isa a tabbatar kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya da ya yarda ya tsaya a baya da zuciya ɗaya.

To yaya za a gane rabo ya yi ko bai yi ba? Mutane suna saurin yanke hukunci da sakamakon yammaci ɗaya, alhali set ɗin da ƙwallo ɗaya ke kashewa cike yake da sa'a. Ko da ƙungiyoyin sun yi kunnen doki ta kowace fuska, damar a ci set uku a jere ɗaya ce cikin takwas, in aka ajiye batun canjaras. A yammacin da za a buga set goma ko fiye, ganin wata ta jera uku ba abin mamaki ba ne. Biyar a jere kuwa ɗaya ce cikin talatin da biyu, ga shi kuma mai tsayawa yana gajiya yayin da masu shigowa suka huta. In haka ta faru, ko kuma wata ƙungiya ta yi yammaci guda ba ta ci ko ɗaya ba, akwai dalilin a sake duba takarda. Alamar da ta fi ci da rashin ci gaskiya ita ce inda ƙwallon ke zama. In gola ɗaya yana tsaye ya riƙe ƙugu yana hira da 'yan kallo, ɗayan kuma rigarsa ta yi butu-butu da ƙura, rabon bai yi ba ko da an tashi babu ci. A lura kuma da wane mutum ne ke cikin ƙungiyar da ke rinjaye mako bayan mako duk da an canza masa abokai. Wannan makinsa ya yi ƙasa da gaskiyarsa, a ƙara masa ɗaya. Ɗaya dai, ba uku ba, sannan a sake kallo.

Akwai iyakar da ko makin ya yi daidai ba za a tsallake ta ba. Ƙwallo ba tarawa ba ce zalla. Ja ɗinmu mai 10, 6, 5, 5, 1 da Fari mai 7, 7, 5, 4, 4 duk 27 ne, amma ba iri ɗaya za su buga ba. A ƙaramin fili gwani yana taɓa ƙwallo sau da yawa, yana iya cin wasa shi kaɗai, haka nan mai rauni ba shi da inda zai ɓuya, abokan hamayya za su gano shi su riƙa bi ta kansa. A babban fili na sha ɗaya sha ɗaya tasirin kowannensu yana narkewa cikin jama'a. Wanne ya fi nauyi a naku filin, gwanin ko raunin, wannan sai kallo ya nuna, kuma in an gano sai a gyara makin: wataƙila mai 10 ɗin nan a filinku 12 ne. Haka mutum biyu da suka taso suna buga ƙwallo a lungu ɗaya, haɗuwarsu ta fi jimlar makinsu, gara a raba su in dukansu 'yan sama ne.

Sauran abin da ke wargaza rabo shi ne shiga da fita. Adadin da bai rabu daidai ba mai sauƙi ne: in 'yan ciki 22 ne, macijin ya ci gaba, ƙungiya biyu su sami mutum na shida mai canji, a kuma sharɗanta cewa kowa sai ya zauna set ɗaya bi da bi, har gwanin, don kada canjin ya zama hanyar ajiye mai rauni a benci. Wanda ya fi ɓarna shi ne mai zuwa a makare. A ce mai maki 1 na Ja an kira shi a waya ya tafi, daidai lokacin wani mai 7 ya sauko daga babur. Abin da kowa zai ce shi ne ya shiga Ja, tunda can ne gurbi. In aka yi haka Ja ta koma 33, Shuɗi tana 26, duk aikin da aka yi ya tashi a banza. Gurbi ba shi ke nuna inda sabon zuwa zai shiga ba. A sa shi a Shuɗi, wadda ta fi ƙarancin maki, a ɗauko mai 3 na Shuɗi ya cike gurbin Ja. Ja ta zama 29, Shuɗi 30, Kore da Fari suna nan a 27. Ba a koma daidai ba, amma rata uku ce maimakon bakwai, mutum ɗaya kawai ya canza riga, kuma ana iya yin sa cikin hutun da ke tsakanin set biyu.